Allon Shagon Bushiya

A wani daji da fari ya daɗe da zama, akwai wata tela, Bushiya, mai shago a bakin kasuwa. Allon shagonta cewa ya yi "Gidan Sabon Ɗinki", amma ita kanta ta manta rabon da ta sa almakashi a sabon yadi. Tsofaffin kaya ake kawo mata a ƙunshe. Sai ta farke wuyan da ya cinye ta juya shi, ta yanko ƙyalle daga cikin aljihu ta toshe huda don launi ya zo ɗaya, ta rage ƙugun wando ga wanda yunwa ta zuge. In aka sa sitaci aka goge, mai kaya ya fito yana taƙama.

Ta gaji, bayanta ya ƙage a kan keke, allon nan kuma yana ba ta kunya. Ta ce tunda gyara ta iya, gara a san ta da shi, ko baƙi ma sa zo. Ta sa aka rubuta "Gidan Faci da Gyara".

Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci, ko ɓera bai leƙo ba. Keke ya fara tsatsa, tukunyarta ta yi sanyi. Bauna, shugaban majalisar kasuwa, wanda ta sha juya wa babbar riga, ya tara dabbobi ya ce sabon sunan shagon cin mutunci ne ga dajin, domin a saninsa babu mai sa faci a nan. Aka tafa masa a hankali, kowa na tsoron ɗaga hannu kada hammata ta ɓarke.

Da aka watse, Bushiya ta tare tsohuwar Barewa, wadda ta fi kowa daɗewa tana kawo mata aiki, ta tambaye ta ko ɗinkinta ne ya lalace.

Barewa ta duba hagu da dama, ta ce, "Ƙawata, hannunki na nan yadda yake. Amma gyara ai ko ni ina iya kwatantawa a gida. A da, in an gan ni ina fitowa daga wurinki, cewa ake na yi sabo. Yanzu in na taka ƙofarki, na faɗa wa kasuwa halin da gidana ke ciki. Ina da 'ya'ya da surukai, ki yi mini adalci."

Abin ya yi wa Bushiya ciwo ƙwarai, don ita a zatonta gwanintarta ake bi. Ta kira mai fenti, ta ce ya rubuta "Fadar Sabon Yayi", da manyan baƙaƙe. Kafin fenti ya bushe, Bauna ya aiko da ƙunshi.

Har yau ba a taɓa ganin dabba da tsohuwar riga a dajin nan ba, sai dai mai sayar da yadi ya daɗe da yin ƙaura.