Alkawarin da Na Ƙara wa Ango

Ko mi na manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin jikata Hadiza ba. Bayarabe ta aura, Kamaru, ma'aikacin ruwa a Goronyo. Da hantsi maza sunka ɗaura aure yadda anka saba. Amma yaran sun zo da sabon salo: a wurin liyafa ango da amarya kowa zai karanta wa ɗan'uwansa alkawari bakwai, da Yarbanci da Hausa, don dangin kowa su ji abu guda.

Takarda biyu sunka rubuta, kowane alkawari da lambarsa. Kamaru zai karanta alkawari ɗaya da harshensu ya tsaya, sai a faɗi Hausarsa. Da yake Hausar tasa ta sayen albasa ce kawai, ni anka zaɓa (duk Wurno wa ya kai ni baki?). Ban san ko baƙi ɗaya ba, don haka kwana uku Hadiza tana karanta min har na haddace.

"Kaka, yadda yake za ki faɗa. Ban da gishiri."

"Ni za ki koya wa magana? Da nike tatsuniya ba a haifi uwarki ba."

Na ɗaya zuwa na uku sun tahi lafiya. Na huɗu shi ne: duk inda aiki ya kai su, tare za su yanke shawara. Wannan tun farko bai kwanta min ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ya rantse ba zai taɓa hitar da ita ƙasar Sakkwato ba."

Mata sunka rangaɗa guɗa. Kamaru, bawan Allah, har da rusunawa yana murmushi. Daɗi ya kwashe ni, na ƙara masa kawo ta gida duk Juma'a, da noma min gonar shinkafa. Ya naɗe takardarsa a na bakwai, ni ina na tara.

Sai gwaggonsa, Iya Basira, ta miƙe. Ashe tun tana budurwa take saida kwanoni a kasuwar Achida (Hausarta har ta so ta hi tawa). Ta ce, "Hajiya, mu bakwai munka ji. Biyun nan daga ina? Kuma na huɗunku ba shi ne namu ba."

Ta juya ta fassara wa danginta duk abin da na ce. Hadiza ta ɗaga mayafi ta dube ni.

"Kaka, so kike ya fara aure da alkawarin da bai yi ba? Ran da ya saɓa, wa za a kira maƙaryaci?"

Haka anka sake daga na ɗaya, Iya Basira na tsaye kusa da ni tana ƙirga min da yatsu.

Yanzu suna Ilorin, kuma tare sunka yanke shawarar. Ni dai na koyi abu guda: in za ki ƙara gishiri a maganar wani, fara tambaya ko gwaggonsa na cin kasuwar Achida.