Ranar Da Na Saki Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na je Zango ɗauko matata Binta daga wankan jego. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa na kame bakinsa, ni kuwa nawa sai ƙara tsawo yake. Kwana arba'in ina gwauranci a Daura, na kasa zaune na kasa tsaye. Ranar kafin ladan ya rufe baki na tayar da babur.

An ce mini Iya, kakar Binta, ta zo daga garin Babban Mutum. Ban taɓa ganin ta ba (lokacin bikinmu tana jinya). Ka san kakar matarka abokiyar wasanka ce: ka kira ta amarya, ta kira ka ragon miji, a yi dariya. Uwar matarka kuwa, da duk wanda ke sahunta, tun daga zaure za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ido a ƙasa.

Ina shiga na tarar da mata biyu a tabarma. Ɗaya jajir da ita, har da jan baki. Ɗayar tsohuwa tukuf, riƙe da jaririna, haƙori ɗaya ya rage mata (shi ma yana haramar tafiya). Na durƙusa wa mai jan bakin, na kwashi gaisuwa. Sannan na miƙe na tunkari tsohuwar.

"Amarya, har yanzu kina nan? Yaushe za mu sha gumba ne? Ni dai na sake ki, ba na zama da mai haƙori ɗaya!"

Binta na gefe tana tuƙa tuwo. Muciya ta suɓuce mata. Mai jan bakin ta kife tana dariya.

"Kai ragon miji, ni ce Iyar! Wannan Goggo Ladi ce, yayar uban matarka."

Ashe Iya amaryar kakan Binta ce ta ƙarshe, Goggo kuwa 'yarsa ta fari, ta ba Iya shekara goma. Wato surukata na yi wa maganar gumba. Kuma ita ke da ikon sallamar mai jego.

Goggo ko kallo na ba ta yi ba. "Binta, mayar da kayanki ɗaki. Jikinki bai yi ƙwari ba."

Na zube ina "Goggo, a gafarce ni," gumi har cikin kunne. Iya na ta zuga: "Sake durƙusa mini, ya yi maka kyau!"

Sai da baffana ya je da goro har sau biyu, na ƙara sati uku a gwauranci.

Na dai koyi cewa ba furfura ake dubawa ba, sahu ake dubawa, kuma babba ake bari ya fara tsokana. Yanzu ko tsohuwa ta shekara ɗari biyu, sai na durƙusa na ce, "Hajiya, yaya kuke da matata?"